An Turo Dala Amma Alat Bai Shigo Ba: Hanyoyin Karɓar Kuɗin Aiki Daga Ƙasar Waje

Mai fassara a Kano, ko mai zanen gini a Kaduna, ko mai haɗa bidiyo a Jos, ya gama aikin da wani kamfani na Amurka ya ba shi, ya miƙa. Kamfanin ya aiko da saƙo cewa an biya. Kwana uku shiru, mako guda shiru. Ya je bankinsa, ma'aikaciya ta duba kwamfuta ta ce ba abin da ya shigo. Ya koma wa kamfanin, su kuma suka ce kuɗi ya bar asusunsu tun ranar Litinin. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, sau da yawa duk ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Kuɗin ya bar can, bai iso nan ba, yana zaune a wani banki na uku wanda mai aikin bai taɓa jin sunansa ba.

Wanda ya gane abin da ke faruwa a wannan banki na uku ya rabu da yawancin wahalar. Sauran hanyoyin da ake bi, daga asusun aro na Amurka har zuwa kuɗin kirifto, duk dabaru ne na kauce wa wannan mashiga ko rage tsayuwa a cikinta. Kowace tana da farashinta, kuma girman kuɗin da ake binka shi ya kamata ya zaɓa maka hanya.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Bankin da ke Texas ba shi da asusu a bankinka na Kano, kuma dala ba ta tashi ta sauka a Najeriya. Abin da ke tafiya saƙo ne kawai, ta hanyar sadarwar bankuna da ake kira SWIFT. Ita kuwa dalar, a Amurka take sauya hannu. Kowane bankin Najeriya da ke karɓar dala yana da asusu a wani babban banki a New York, irin su Citibank ko JPMorgan ko Standard Chartered, wanda ke zama wakilinsa. Bankin mai biya zai zuba kuɗin a wannan asusu, wakilin ya sanar da bankinka, sannan bankinka ya rubuta maka adadin a asusunka na dala. Idan komai ya tafi daidai, kwana biyu zuwa biyar na aiki sun isa. A kula, kwanakin aiki aka ce: kuɗin da aka tura ranar Juma'a da yamma ba ya motsi sai Litinin, kuma hutun Amurka da hutun Najeriya duk suna ci daga lissafin.

Bankin wakili yana ƙarƙashin dokar Amurka, don haka ba ya barin kuɗi ya wuce sai na'urarsa ta gwada sunan mai turawa da na mai karɓa da jerin sunayen waɗanda aka sa wa takunkumi. Ofishin da ke riƙe da babban jerin shi ne OFAC, a ma'aikatar kuɗin Amurka. Nan ne mutanenmu ke shan wahalar da ba kowa ke sha ba. A 2012 Amurka ta sa sunan Abubakar Shekau a jerin 'yan ta'adda, a watan Maris na 2022 kuma OFAC ta ƙara 'yan Najeriya shida da ta ce suna tara wa Boko Haram kuɗi, kuma sunayensu irin waɗanda ake samu a kowace unguwa ne. Na'ura ba ta san cewa Abubakar da Ibrahim da Muhammad sun cika gari ba. Da ta ga kama, sai ta ajiye kuɗin gefe har mutum ya duba da idonsa. Shi kuma zai aika tambaya ga bankinka ko bankin mai biya: mece ce ranar haihuwar wannan mutum, wane aiki ya yi, ina shaida? Idan tambayar ta faɗa akwatin da ba a buɗewa, kuɗin zai yi ta zama, daga baya a mayar da shi inda ya fito, bayan an cire caji.

Daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025 Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar haramtattun kuɗi, abin da ya sa bankunan waje suka ƙara tsananta bincike. An cire ta, amma binciken suna yana nan, domin shi bai dogara da wannan jeri ba.

Akwai kuma laifin da yake namu. Mutum ɗaya sai ka ga Mohammed ne a BVN, Muhammad a NIN, Muhammed a fasfo, a wani wurin sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wani kuma sunan gari. A harkar naira ana iya lallaɓawa. A harkar dala, sunan da mai biya ya rubuta dole ya zama shi ne a kan asusun, harafi da harafi. Wanda yake shirin fara aiki da mutanen waje, gyaran sunansa a waɗannan takardu uku ya fi masa amfani fiye da sauke kowace manhaja.

Abin da za ka ba mai biya

Asusun dala a bankin Najeriya, wanda ma'aikatan banki ke kira dom, har yanzu shi ne tushe. Ana buɗe shi da BVN da NIN da katin shaida da shaidar adireshi, wasu bankunan kuma su nemi masu tsaya maka mutum biyu. Da an buɗe, ka nemi banki ya ba ka takardar bayanin karɓar dala daga waje. A cikinta akwai lambobin asusu guda biyu, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ɗaya ita ce lambar asusun bankinka a wurin wakilinsa na New York, ɗayar kuma taka ce, mai lamba goma. Haka ma lambar SWIFT biyu ce, ta wakili da ta bankinka. Mai biyan da ya saba tura kuɗi a cikin ƙasarsa kaɗai yakan ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Idan ya bar taka, kuɗin zai iso bankinka ba tare da an san mai shi ba. Don haka kada ka kwafe lambobin da hannu a saƙon waya. Tura masa takardar bankin kanta, kuma ka roƙe shi ya rubuta lambar takardar neman biyanka da irin aikin a gurbin dalilin biya, maimakon ya bar shi fayau.

A fom ɗin da yake cikewa akwai zaɓi uku game da wanda zai ɗauki caji. OUR na nufin shi zai biya duka, SHA na nufin an raba, shi ya biya bankinsa kai kuma a cire na hanya daga kuɗinka, BEN kuwa komai a kanka. Yawancin bankuna SHA suke sawa idan ba a ce komai ba, shi ya sa ake turo dala 500 a ga 480 ko ƙasa da haka. Wannan magana ce da ake yi tun ranar ƙulla ciniki. Bayan an biya, lokacinta ya wuce.

Idan kwana biyar na aiki suka wuce, zuwa banki hannu rabbana ɓata lokaci ne. Ka nemi mai biya ya karɓo maka shaidar turawa daga bankinsa, wadda har yanzu ake kira MT103, tare da lambar bin sawu mai suna UETR. Doguwar lamba ce mai haɗe da haruffa, kuma ita ke bin kuɗin daga banki zuwa banki. Da ita sashen kuɗin waje na bankinka zai iya ganin ko kuɗin yana wurin wakili, ko ya iso yana jiran tantancewa, ko an mayar da shi. Ka rubuta musu imel ka haɗa da kwangilar aikin da takardar neman biya da hoton fasfo tun kafin su tambaya. Sau da yawa abin da ake jira ke nan.

Bayan kuɗin ya shigo, saura fitar da shi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce masu asusun dala su yi amfani da kuɗinsu ba tare da tarnaƙi ba, amma umarni ba ya haifar da takardun dala a reshen da ba shi da su. Reshe yakan ce ka dawo gobe, ko ya ba ka wani ɓangare. Mafita ita ce ka sanar da su kwana ɗaya ko biyu kafin ka je, ko ka sayar wa bankin ta manhajarsa idan farashinsa ya yi maka, ko ka tura wa ɗan canji mai lasisi ta asusunsa na dala. A Wapa, dalar takarda da dalar asusu ba farashinsu ɗaya ba, haka tsohuwar takardar ɗari da sabuwa mai shuɗin zare. Ka tambayi farashin irin wadda take hannunka.

Me ya sa Western Union ba ta ba da dala

Wasu har yanzu suna tuna lokacin da ake zuwa kanta a karɓi dala tsaba. A ƙarshen 2020 Babban Banki ya umarci kamfanonin aiko kuɗi su riƙa biya da dala, a 2021 ma ya ƙara tukuicin naira 5 a kan kowace dala da aka aiko. Wannan zamani ya wuce. Ƙa'idar 31 ga Janairun 2024 ta ce a riƙa biyan mai karɓa da naira, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai ta asusun banki. Hanyar tana da sauri, mintuna kaɗan ne, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 giɓin farashi ya ragu ƙwarai. Kafin nan dala tana wajen naira 460 a hukumance, tana wajen 750 a kasuwar bayan fage, wanda aka biya ta farashin hukuma ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na guminsa. Yau matsalar wata ce: ba ka da zaɓin riƙe dalar, an canza maka ita a farashin kamfanin na wannan rana. Ga ƙaramin kuɗin da za a kashe yau, babu laifi. Kamfanoni masu akanta kuwa ba sa son biyan ɗan kwangila ta wannan hanya.

Asusun Amurka ba tare da zuwa Amurka ba

Hanyar da ta fi sauƙaƙa wa masu ƙananan ayyuka ita ce a sa mai biya ya yi kamar yana biyan maƙwabcinsa. Kamfanoni irin su Payoneer, da na 'yan gida irin su Grey da Raenest da Cleva, suna ba mutum lambar asusu a wani bankin Amurka da sunansa, tare da lambar banki mai lamba tara. Mai biya zai tura ta tsarin cikin gida na Amurka da ake kira ACH, wanda ko kyauta ne a wurinsa ko kusa da haka, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku na aiki. Kuɗin zai bayyana a manhajarka da dala. Daga nan kai ke da wuƙa da nama: ka bar shi, ka canza zuwa naira ya faɗo asusunka na gida, ko a wasu kamfanonin ka tura shi asusunka na dala a Najeriya. Yawancinsu suna ba da irin wannan asusu na fam da na yuro ma.

Sai dai a fahimci abin da aka riƙe. Ba kai ne abokin hulɗar bankin Amurkan ba, kamfanin manhajar ne, kai kuma layi ne a littafinsa. Idan bankin ya raba gari da kamfanin, lambar asusunka za ta canza ko ta mutu, kuma kuɗin da aka tura tsohuwar lamba zai yi yawo kafin ya koma. A tsakiyar 2024 kamfanin Mercury, wanda masu ƙananan kamfanonin fasaha ke ajiya a wurinsa, ya sanar da rufe asusun waɗanda ke zaune a wasu ƙasashe, har da Najeriya. A shekarar ce kuma wani kamfani mai suna Synapse, da ke tsakanin manhajoji da bankuna a Amurka, ya durƙushe, dubban Amurkawa suka yi watanni ba su taɓa kuɗinsu ba. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: wannan asusu na karɓa ne, kada a mai da shi wurin ajiya. Kuɗi ya shigo, a fitar da shi cikin kwanaki. Wanda yake son tara dala ya tara ta a bankin da zai iya taka ƙafa ya je.

Su ma suna riƙe kuɗi, kuma dalilan sanannu ne. Wasu suna karɓa daga asusun kamfani kaɗai, idan mutum ya turo daga asusunsa na kansa sai a mayar. Idan sunan da ya biya bai yi daidai da wanda ke kan takardar neman biya ba, za a tambaya. Idan wanda ya saba karɓar dala 300 ya wayi gari da 8,000, za a tambaya. Idan kana shiga manhajar da VPN, yau kana Kano gobe kana Jamus, na'ura za ta ɗauka an sace asusun. Amsar duka ɗaya ce: kwangila ko saƙonnin da aka ƙulla aikin da su, takardar neman biya mai lamba da kwanan wata, da samfurin aikin da aka miƙa. Wanda ke da waɗannan a ajiye yakan fita cikin kwanaki. Wanda duk cinikinsa a saƙon murya aka yi, zai daɗe.

Kamfanin Amurka zai iya turo maka fom mai suna W-8BEN kafin ya biya. Ba tarko ba ne, shaida ce cewa kai ba mai biyan harajin Amurka ba ne, kuma aikin da ka yi kana zaune a Najeriya ba a cire masa harajinsu. Masu tashar YouTube, waɗanda suka yi yawa a cikin 'yan fim da mawaƙanmu, nasu ya bambanta kaɗan. Google yana biya ne idan kuɗi ya kai dala 100, tsakanin 21 da 26 ga wata, kuma da yake Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana cire har kashi 30 cikin ɗari daga abin da aka samu ta masu kallo na Amurka. Wanda bai cike bayanan harajin ba kwata-kwata, ana iya cire masa kashi 24 daga dukan abin da ya samu a duniya. Ga mai tashar Hausa da yawancin masu kallonsa ke Najeriya da Nijar da Saudiyya, cike fom ɗin nan na minti goma ya fi duk wata dabarar canji riba.

PayPal kuwa ya shigo Najeriya a 2014 da damar biya kawai, aka shafe shekara goma ba a karɓa da shi. Wannan ya haifar da sana'ar buɗe wa mutane asusu da adireshin wata ƙasa. Ranar da aka nemi shaidar zama a wannan ƙasa, asusun ya rufe, kuɗin ciki kuma ana iya riƙe shi har kwana 180.

Mu yi lissafi

A ɗauka wata mai fassara a Kano tana bin wani kamfani dala 1,200. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, domin caji da farashi suna canzawa, amma tsarin lissafin ba ya canzawa. A ce ɗan canji yana saye a naira 1,500, manhaja kuma tana canzawa a 1,480 tana cire kashi ɗaya cikin ɗari na karɓa, bankin wakili kuma yana cire dala 20.

Ta SWIFT, dala 1,180 za ta iso, ta sayar ta samu naira 1,770,000. Ta manhaja, za a cire dala 12, saura 1,188, a canza ta samu naira 1,758,240. Bambancin bai kai naira dubu goma sha biyu ba, kuma ta manhaja kuɗin zai riga isowa, ba zirga-zirgar banki, kamfanin ma ya huta da cajin da bankinsa zai yi masa. A wannan adadi kusan kunnen doki ne, sauri da sauƙi su za su yanke hukunci.

Yanzu a ce aikin na dala 150 ne. Ta SWIFT dala 20 ɗin nan ba ta raguwa, don haka 130 za ta iso, wato naira 195,000. Ta manhaja za ta samu naira 219,780. Ƙaramin kuɗi ba ya jure cajin da ba ya duba girman kaya. Idan kuwa kwangilar ta dala 10,000 ce, lamarin ya juye: SWIFT zai ba ta naira 14,970,000, manhaja 14,652,000, ta yi asarar naira 318,000 a kan abin da ake gani kamar kashi ɗaya ne kacal. Da waɗannan alƙaluma, hanyoyin biyu suna haɗuwa a wajen dala 860. Ƙasa da haka manhaja, sama da haka banki.

Abin lura shi ne, a babban kuɗin, naira 20 da ke tsakanin farashin biyu ta fi cajin da aka rubuta ƙarara cin kuɗi. Kamfanin da ke tallan cewa ba ya caji, a farashin canji yake cin ribarsa. Tambaya ɗaya ce ke da amfani kafin a zaɓi hanya: idan aka turo dala kaza yau, naira nawa za ta faɗo asusuna? Mai ƙananan ayyuka da yawa a wurin kamfani ɗaya kuma yana da wata dabara, ya roƙi a tara masa a biya sau ɗaya a wata.

USDT

Wasu masu ba da aiki, musamman a harkar fasaha, za su ce su biya da USDT, kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala. Yana isowa cikin mintuna, ko ranar Lahadi ce, kuma ba ya bi ta bankin wakili. Matsayinsa a doka ya sha juyi. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da harkar, a Disambar 2023 ya janye hanin, a farkon 2024 gwamnati ta tsare jami'an Binance biyu har kamfanin ya daina hulɗa da naira, sannan a watan Agustan shekarar hukumar SEC ta ba Quidax da Busha amincewar farko. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto a ƙarƙashin kulawar SEC.

Haɗarinsa iri biyu ne. Na farko na fasaha: USDT yana tafiya a kan layuka daban-daban, kuma dole mai turawa da mai karɓa su zaɓi layi ɗaya. Adireshin TRC20 yana farawa da `T`, na ERC20 yana farawa da `0x`, kuma na BEP20 ma da `0x` yake farawa, nan ne ake ruɗewa. Kuɗin da aka tura ta layin da ba shi ba yana iya salwanta, babu manajan da za a kai wa kuka. Shi ya sa ake fara gwaji da dala 5 kafin a turo sauran. Na biyu ya fi muni, kuma a wajen canzawa zuwa naira yake. Idan ka sayar wa baƙo kai tsaye, nairar da ya turo maka tana iya zama ta wani da aka damfara. Mai kuɗin ya kai ƙara, a bi sawu, a tarar da su a asusunka, banki ya hana ka cire ko sisi har a gama bincike. Alamar da ake ganewa ita ce sunan da ya turo nairar ya saɓa da sunan mai sayen. Idan ka ga haka kada ka saki, komai daɗin farashin. Sayarwa ga kamfanin da ke ƙarƙashin SEC ya fi aminci ko da farashinsa ya ɗan gaza.

Asusun wani, da kuɗin da ya yi yawa

Tsohuwar hanyar 'yan kasuwa tana nan: a biya wani ɗan'uwa ko ɗan canji a Dubai ko London, a ba ka naira a Kano. Tana aiki bisa amana, kuma 'yan Kwari sun daɗe da saninta. Ga mai aikin kwangila illarta ita ce ba ta barin shaida. Kamfanin ya biya sunan da ba naka ba, ɗan'uwan naka kuma kuɗi na shiga asusunsa da zai yi wa hukumar harajin ƙasarsa bayani, kai kuma ranar da za ka nemi biza ko bashin banki ba ka da takardar da ke nuna sana'arka tana kawo kuɗi.

Kishiyar wannan ita ce a roƙe ka kai ka karɓar wa wani. Duk wanda ya ce a turo ta asusunka ka cire kashi goma ka miƙa masa sauran, ya mai da kai jakin dakon kuɗin da ba ka san asalinsa ba, kuma sunanka EFCC za ta gani. Haka sabon abokin ciniki da kuke ciniki a dala 400 ya turo 2,400, ya ce kuskure ne, ka mayar masa da 2,000 ta wata hanya. Biyan da aka yi daga asusun sata ana iya janye shi bayan makonni, lokacin naka ya riga ya tafi. Idan da gaske kuskure ne, a mayar da dukan kuɗin ta hanyar da ya zo, zuwa asusun da ya fito.

Duk bayanin nan na masu sayar da aikin hannu da na ƙwaƙwalwa ne. Mai fitar da kaya, irin riɗi da zoɓo da citta da ake lodi daga Dawanau, dokarsa daban ce: sai ya yi rajista da hukumar NEPC, ya buɗe fom ɗin NXP ta bankinsa kafin kaya su tashi, kuma kuɗin ya dawo asusun dala na fitar da kaya cikin kwana 180. Karɓar kuɗin kwantena ta manhaja ko USDT yana barin fom ɗin a buɗe, a littafin Babban Banki kuma hakan na nufin ba a dawo da kuɗin ba.

Haraji ma ya shigo lissafi. Mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, kuma a dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ne kawai ba a taɓawa. Mai fassarar da muka yi misali da ita ta haura wannan da aiki ɗaya. Takardun neman biyan da ta ajiye don banki, da rasit na data da man janareta da kayan aiki, su ne za ta gabatar wa hukumar harajin jiharta don a cire abin da ta kashe kafin a yanka mata.